Ɗalibaina suna rubuta 41 a madadin 14, ga tsinke ga murfin kwalba amma abin ya ƙi

*Assalamu alaikum. Ina koyar da aji biyu a wata firamare ta ƙauye, yara 78 ne a ajin, darasin lissafi kuma minti 35 ne. Mun yi mako biyu a kan gurbin lamba. Na ɗaura tsinke goma-goma a gida na kawo, na tara murafan kwalba na ce musu ja goma ne, fari ɗaya ne. A baki suna amsawa daidai, amma a takarda "sha huɗu" ta zama 41, "ashirin da biyar" ta zama 205, kuma kusan rabin ajin sun ce 52 a cire 27 saura 35. Shugaban makaranta ya duba littattafansu ya yi min magana a gaban abokan aiki, tun ranar ban samu sukuni ba. Saura mako uku jarrabawa. Ina na kuskure? — Wata malama daga jihar Katsina*

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya saka miki da alheri a kan ɗawainiyar yaran nan. Kayan da kika zaɓa su ne daidai. Wuri biyu ne aikin ya zame, kuma duka biyun suna gyaruwa cikin lokacin da ya rage.

Na farko shi ne ɗaurin da kika yi a gida. Ke kin san tsinke goma ne a ciki domin da hannunki kika ƙirga. Yaron da aka miƙa wa ɗaurarren abu yana ganin abu guda ne kawai, mai ɗan kauri, wanda malama ta raɗa wa suna "goma". Zai riƙe sunan ya maimaita miki shi da ƙarfi tare da sauran ajin, amma a ransa ɗauri uku da tsinke huɗu abu bakwai ne. Dole yaron ya ƙirga goman nan da kansa, ya ɗaure ta da kansa, daga baya ya kwance ta ya tarar goman tana nan ba ta ragu ba. A cikin ɗaurewa da kwancewar nan darasin yake.

Na biyu shi ne haɗa tsinke da murfi a lokaci guda, alhali ba aiki ɗaya suke yi ba. Ɗaurin tsinke ya ninka tsinke guda sau goma a ido da kuma a hannu, mai shakka sai ya kwance ya gani. Jan murfi kuwa girmansa ɗaya da farin murfi, ba abin da za a kwance a cikinsa, yarjejeniya ce kawai ta mai da shi goma, kamar yadda takardar naira ɗari ba ta ninka ta naira goma girma ba. Yaron da bai gama yarda da goman da yake gani ba, ba zai yarda da wadda aka ce masa ya ɗauka a kan amana ba. Saboda haka ki zuba murafan a buhu ki ajiye su sai mako na uku.

Kafin ki sake darasin, ki ware minti goma ki gwada yara shida ko takwas ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda kike ganin su ne gwanayen ajin. Ki zube tsinke 16 warwatse, yaron ya ƙirga ya rubuta 16. Ki ɗora yatsa a kan 6 ɗin ki ce ya nuna miki tsinkayen da wannan lamba take nufi. Zai ware shida. Sai ki ɗora yatsa a kan 1 ɗin ki yi masa tambaya iri ɗaya. Wanda ya gane zai tattaro goman da ta rage. Wanda bai gane ba zai ɗago tsinke guda, ya bar tara a ƙasa ba tare da abin ya dame shi ba. Kada ki gyara masa a wurin, ki dai rubuta sunansa. Wannan gwajin za ki maimaita a ƙarshen kowane mako, shi zai gaya miki ko aikin yana ci, domin amsar da aji ke bayarwa baki ɗaya ba ta nuna komai: yara goma ne ke faɗa, sauran suna bin sautinsu.

Sai kaya. Ki raba ajin gida 13, yara shida-shida. Kowane rukuni yana buƙatar tsinke 60, wato 780 ke nan, idan aka haɗa da naki na nuni da waɗanda za su karye ko su ɓace ki nufi 1,000. Ba ke kaɗai za ki tara ba. Idan kowane yaro ya kawo 13 an wuce dubu. Tsinken tsintsiyar kwakwa ya fi dacewa, ta wajen gindinsa mai kauri, ko siririn sillen karan dawa. Ki yanka su tsawo ɗaya, kamar santimita 12 zuwa 15, ki guntule tsinin kowanne saboda ido. Daidaita tsawon ba ado ba ne: idan wani ɗauri ya fi wani tsawo ko kauri, yara za su fara musun wanne ya fi yawa, hankalinsu ya bar ƙirga. Tsinken ashana ya yi gajarta, yana zamewa daga ɗauri kuma yana ɓacewa a ƙasa. Abin ɗauri kuwa robar ɗaure kuɗi ta fi sauƙi ga ƙananan yatsu, guda takwas ga kowane rukuni. Idan babu, tsohon tub na keke da aka yanka zobe-zobe yana yin aikin. Zare da igiyar kaba suna buƙatar ƙulli, kuma ɗan shekara bakwai zai cinye rabin darasin yana fama da ƙulli, in ya zo kwancewa ya sa haƙori.

Kowane rukuni ya samu filinsa: kwali, ko zane da alli a kan siminti, ko da yatsa a kan rairayi. Gida biyu ne da layi a tsakani, na hagu gidan gomomi, na dama gidan ɗaiɗai. A saman na hagu ki zana ɗauri, a saman na dama tsinke guda, domin da yawansu ba su iya karanta kalmar ba tukuna. A nan akwai wani ƙaramin abu da ke haifar da 41 ɗin da kike gani, kuma ba kasafai ake lura da shi ba. Idan yara shida suka kewaye kwali, wanda ke zaune ta ɗaya ɓangaren yana ganin komai a juye. Ɗauri guda da tsinke huɗu, a wajensa huɗun ne a hagu, ɗayan a dama, kuma abin da ya gani zai rubuta. Duk su zauna ta fuska ɗaya, uku a gaba uku a bayansu. Ke ma haka. Idan kin fuskanci ajin kin riƙe ɗauri a hannunki na hagu, su a damarsu suke ganinsa. Ko dai ki riƙe ɗaurin a hannun dama, ko ki rataye leda biyu a jikin allo ki riƙa sa kayan a ciki, gomomi a hagun allo.

Ranar farko kada ki ambaci goma tukuna. Ki zube wa kowane rukuni tsinke 34 ba tare da kin faɗi adadin ba, ki ce su ƙirga. Suna tsaka da ƙirgar ki katse su da wata tambaya, ko ki ce kowa ya tafa sau uku. Za su rikice, wasu su koma farko, kuma a ƙarshe amsoshi za su sha bamban, wannan ya ce 31, wancan ya ce 36. Ki rubuta amsoshin duka a allo ki tambaye su: yaya za mu yi mu ajiye tsinkayen nan ta yadda ko an katse mu ba sai mun koma farko ba, kuma mai wucewa ya kalla ya san adadin? Yaran ƙauye sun san dami. Sun ga yadda ake ɗaure gero da dawa a gona, mai gona ya ƙirga damma ba zangarniya ba. Sun ga mai tumatir ya kasa kayansa kashi-kashi. Wani a cikinsu zai ce a kasa su. Ki karɓa, sannan ki kawo naki sharaɗin: kowane kashi goma ne cif, yatsun hannu biyu, kuma idan ya cika sai a ɗaure.

Aikin rukuni yana tafiya ne idan kowa yana da abin yi. Ɗaya ya ƙirga goma da ƙarfi yana ajiye tsinke ɗaya-ɗaya, na biyu ya sake ƙirgawa, na uku ya ɗaure, na huɗu ya kai ɗaurin gidan gomomi, na biyar ya faɗi adadin, na shida ya rubuta. Bayan kowace lamba su sauya aiki. Sake ƙirgawar nan kada a tsallake ta. Ɗauri mai tara ko sha ɗaya idan ya shiga cikin kaya, ranar da aka zo kwancewa lissafi zai ƙi fita, yaron kuma ya ɗauka hanyar ce ba ta aiki.

Doka ɗaya ce tak ke tafiyar da filin, ki sa su haddace ta da aiki: gidan ɗaiɗai ba ya kwana da goma. Da zarar tsinkayensa sun cika goma, a ɗaure su su ƙaura zuwa gidan hagu. Akwai wasa mai sauƙi da ke dasa wannan. Ki yanka ƙananan kati shida ki rubuta 1 zuwa 6 ki sa a leda, wannan ya fi ɗan lido kwanciyar hankali domin akwai iyayen da ba za su so jin an kai shi aji ba. Yaro ya zaro kati, ya ɗebi tsinke daidai adadin ya zuba a gidan ɗaiɗai, in an cika goma a ɗaure, sannan rukunin ya faɗi jimlar da ke kan filin. Rukunin da ya fara kaiwa 50 ya ci. A cikin minti goma sha biyar kowane rukuni zai ɗaure goma sau huɗu ko biyar, kuma za su haɗu da irin yanayin da kike so: akwai 8 a gida, an zaro 5, sun zama 13, an ɗaure goma, 3 ta rage.

Wajen karanta abin da ke kan filin ne za ki kasa kunne sosai. A ɗauri uku da tsinke huɗu, ƙirgar daidai ita ce goma, ashirin, talatin, sannan a sauya taki, talatin da ɗaya, da biyu, da uku, da huɗu. Wurin sauya takin nan yara ke faɗuwa. Wani zai ci gaba da arba'in, hamsin, sittin, saba'in a kan tsinkayen, domin bakinsa ya riga ya hau waƙar goma-goma. Wani kuma zai ƙirga komai ɗaya-ɗaya ya ce bakwai. Na farkon matsalarsa ƙarama ce: ki sa ya tafa sau ɗaya a kan layin tsakiya kafin ya tsallaka, tafin yana tsayar da bakin. Na biyun shi ne bai yarda da ɗaurin ba tukuna. Ki ba shi ɗauri guda ya kwance ya ƙirga ya mayar, ki tambaye shi nawa ne a ciki, sannan ki nuna na biyu ki tambaye shi ba tare da ya kwance ba. Idan ya ce sai ya duba, ki bar shi ya duba. Wasu sai sun duba sau biyar ko shida kafin su daina.

Harshenmu ma yana da hannu a cikin abin da kike gani a littattafansu. Sunayen gomomi da muke amfani da su, ashirin, talatin, arba'in har zuwa casa'in, daga Larabci muka aro su, kuma yaron da bai san Larabci ba ba ya jin "biyu" a cikin ashirin ko "bakwai" a cikin saba'in. Tsohuwar ƙirgar Hausa ta fi fito da abin fili: gomiya biyu, gomiya uku, gomiya bakwai, kuma har yanzu ana jin ta a bakin Hausawan Nijar. Ki ara ta don darasin nan. Kowace lamba a faɗe ta sau biyu, "gomiya uku da huɗu, wato talatin da huɗu". Sannan ga gajarcewar da muke yi daga 11 zuwa 19. A magana muna yar da goman mu ce "sha huɗu", to lambar da yaro ya ji ita ce huɗu kaɗai, sai ya fara rubuta ta, daga baya ya tuna akwai wani 1 da ake liƙawa, ya liƙa shi a bayanta. Idan kuma da Turanci ake kiran lambar abin ya ƙara cakuɗewa, domin sunan 14 a Turanci da huɗu yake farawa, kuma a kunnen yaro kusan sautinsa ɗaya da sunan 40. Saboda haka a ajinki a daina "sha huɗu" na ɗan lokaci, a riƙa cewa "goma sha huɗu" cikakkiya, hannu yana kan ɗaurin lokacin da ake furta goma. Shawararmu ma ki fara da lambobi irin 34, 52 da 46, inda suna da rubutu suke tafiya a jere, ki dawo kan 11 zuwa 19 a rana ta uku ko ta huɗu. "Ashirin ba ɗaya" da "talatin ba biyu" kuwa a jingine su sai an gama wannan babi.

Idan yaro ya rubuta 41 a madadin 14, kada ki ja masa jan biro ki wuce. Ki ce ya gina abin da ya rubuta a fili ɗaya, ɗauri huɗu da tsinke guda, ya gina abin da kika faɗa a wani filin, ɗauri guda da tsinke huɗu. Sai ki tambaye shi, da alewa ce wanne zai ɗauka? Daga nan idonsa zai yi masa sauran bayanin.

Shi kuwa mai rubuta 205 ya fi yadda kike zato fahimta. Ya ji ashirin ya rubuta 20, ya ji biyar ya rubuta 5, bai yi ƙarya ba ko ɗaya. Abin da bai sani ba shi ne biyar ɗin a kan sifirin take zama. Maganinsa kati mai hawa kan kati. Ki yanka dogayen kati masu faɗin gida biyu ki rubuta 10, 20, 30 har 90, da gajeru masu faɗin gida ɗaya ki rubuta 1 zuwa 9. Yaron ya ajiye katin 20 a ƙarƙashin ɗauri biyu, katin 5 a ƙarƙashin tsinke biyar, sannan ya ɗauki 5 ya ɗora ta a kan sifirin 20, gefen dama ya daidaita da gefen dama. Ga 25 ta fito. Ya ɗaga katin ya ga 20 tana nan a ƙasa ba ta je ko'ina ba. Kwalin taliya ko na sabulu biyu ya isa kati 18 na rukuni guda, kuma idan almakashi da lokaci sun yi ƙaranci, saiti huɗu ko biyar da za su riƙa zagayawa sun wadatar.

Sifiri yana son rana guda tasa. Ki sa su gina 30: ɗauri uku, gidan dama wayam. Ki tambayi mai rubutu me zai rubuta. Da yawa za su rubuta 3 su tsaya. Ki ɗauki allon nasa ki kai wa wani rukuni da bai ga filin ba, ki ce su kawo miki abin da ke rubuce. Za su kawo tsinke uku. Ki ajiye su kusa da ɗauri ukun, ki bar yaran su gano da kansu cewa saƙon bai isa ba, ana buƙatar wata alama da za ta ce gidan dama ba kowa. Idan aka gabatar da sifiri a matsayin mai tsaron gidan da ba kowa, yaro ya daina ɗaukarsa abin da ake sawa ko a bari yadda aka ga dama.

A mako na biyu ki shiga tarawa da ɗebewa, har yanzu da tsinke. Tarawa ba za ta ba ki wahala ba domin wasan kati ya riga ya share hanya. A 27 da 15, tsinke bakwai da biyar sun zama sha biyu, gidan ya cika, a ɗaure goma ta ƙaura, saura biyu, ɗauri kuma biyu da ɗaya da sabon da ya shigo sun zama huɗu, 42 ke nan. Ƙaramin 1 ɗin da ake rubutawa a saman gidan gomomi shi ne sabon ɗaurin, kuma ki sa wanda ya ɗaure shi ne zai rubuta shi.

Ɗebewa ce ke son natsuwa, don haka bari mu bi lissafin da ya kayar da rabin ajinki. Amsar 35 ba ta ka ba ce. Yaron ya dubi 2 da 7, ya ga ba za a cire bakwai daga biyu ba, sai ya juya su ya cire biyu daga bakwai ya samu 5, sannan ya cire 2 daga 5 ya samu 3. A wajensa lambobi huɗu ne masu zaman kansu, ba 52 guda ba. A kan fili, 52 kaɗai za a gina, ɗauri biyar da tsinke biyu. Kada a gina 27 ɗin, domin ita ba wani tari ba ne na daban, abin da za a fitar ne daga cikin 52, kuma idan aka ajiye ta a ƙasa yaran za su koma kwatanta bakwai da biyu. Ki rubuta 27 a kati ki ba yaro ɗaya ya zama mai karɓar bashi, ya ce a ba shi tsinke bakwai tukuna. Biyu ne a gidan. Ki yi shiru ki jira. Shirun zai yi miki tsawo, amma kada ki cike shi. Wani zai miƙa hannu ya ɗauko ɗauri guda ya cire robar. Kafin a ba mai bashi komai, ki tsayar da su ki tambaya: yanzu nawa ne a kan filin gaba ɗaya? Ɗauri huɗu da tsinke sha biyu. Wasu za su ce ya ragu, wasu su ce ya ƙaru. Su ƙirga: goma, ashirin, talatin, arba'in, sannan sha biyun, su iso 52. Ba abin da ya shiga, ba abin da ya fita, shiri ne kawai ya sauya. Wannan tambayar ita ce zuciyar darasin, kuma ita aka fi tsallakewa saboda sauri. Daga nan a ba shi bakwai saura biyar, a ba shi ɗauri biyu saura biyu, amsa 25.

A rubuce, kowane motsi na hannu ya samu alamarsa nan take: lokacin da aka ɗauke ɗaurin a soke 5 a rubuta 4, lokacin da aka zube tsinkayen a mai da 2 ta zama 12. Idan aka gama aikin tsinke duka sannan aka koma allo, yara suna ɗaukarsu abu biyu da ba su haɗa hanya ba. Ki kuma bar kalmar "aro". Abin da aka ara ana mayarwa, a nan kuwa ba a mayar da komai, kuma yaron da ya ji aro sau da yawa yana ƙara goma a dama ya manta ya rage ɗaya a hagu, ya samu 35 ta wata hanyar. "Kwance ɗauri" ita ce kalmar da ta faɗi abin da ya faru. Bayan misali uku ko huɗu ki ba su 40 a cire 13, inda gidan dama ba komai, amsa 27. Ki kuma cusa irin 58 a cire 23 a tsakani, wanda ba ya buƙatar kwancewa, domin akwai yaran da za su mai da kwancewa al'ada su yi ta ko ba dalili.

Idan gwajin tsinke 16 ya nuna yawancin waɗanda kika gwada suna tattaro goma, to lokacin murfi ya yi. Ki yi amfani da na roba, a wanke su da sabulu. Na ƙarfe yana tsatsa kuma bakinsa yana yanka. Kowane rukuni farare 20 da jajaye 10, wato 260 da 130 ga ajin duka, kuma kowane launi biyu da suka bambanta sosai sun yi. Kada ki sanar da darajar ja da baki kawai. Ki buɗe "shago" a teburinki, yaro ya kawo ɗauri guda ya karɓi jan murfi guda, ya kawo jan ya karɓi ɗaurinsa. Bayan nan ya kawo farare goma ya karɓi ja ɗaya. Sai an yi wannan canjin hannu da hannu sau da yawa sannan a sake wasan kati da lissafin 52 a cire 27 da murafai, inda kwance ɗauri ya koma zuwa shago neman canji. Kada ki yi saurin kawo kuɗin gaske a matsayin misali, domin naira biyar, ashirin da hamsin suna karya tsarin goma-goma, naira ɗaya kuma yaran nan ba su saba ganinta ba.

Launi yana da nasa tarkon. Yaro zai iya riƙe cewa ja ne goma, ya manta da gida gaba ɗaya, alhali a rubutu ba launi, 3 ɗin da ke cikin 35 da wadda ke cikin 53 tawada ɗaya ce. Don haka kwana biyu na ƙarshe ki kwashe jajayen ki bar farare zalla. Murfi uku a gidan hagu da biyar a gidan dama, nawa ke nan? Ki ɗauki murfi guda daga dama ki mayar da shi hagu a gabansu, ki tambaya ko adadin ya sauya. Daga 35 an koma 44, da murafai takwas ɗin nan dai. Yaron da ya iya gaya miki dalilin ya kama gurbin lamba, domin yanzu ba girma ba launi, wurin zama kaɗai ke ba murfin daraja. Idan littafinku na Turanci ne mai sa T a saman gidan gomomi da U a saman gidan ɗaiɗai, a wannan matakin za ki rubuta haruffan kusa da zanen ɗauri da na tsinke, don kada su zama baƙi ranar jarrabawa.

Gidan ɗari ba sai kowane rukuni ya yi nasa ba. Rukuni goma su kawo ɗauri ɗaya-ɗaya, a haɗa a ɗaure da igiya a gaban aji ya zama babban dami, a buɗe masa gida na uku a hagu. Da shi za ki nuna 105 da 150 idan manhajarku ta kai can a wannan zango. In ba ta kai ba, ki rataye damin a bango ya jira.

Minti 35 ba ya yafe ɓata lokaci wajen rabon kaya. Kayan kowane rukuni su zauna a ledarsu ko gwangwaninsu mai lamba, shugaban rukuni ya ɗauko kafin a fara, kuma a ƙarshen darasi a kwance dukan ɗaurin kafin a mayar, domin gobe a sake ɗaurewa daga farko. Minti biyar na shiri, ashirin na aikin hannu, biyar na rubuta lamba uku ko huɗu a littafi kowa shi kaɗai, biyar na tattarawa. Idan mako na biyu ya ƙare gwajin bai yi kyau ba, ki ci gaba da tsinke har ranar jarrabawa, ki bar murfi sai zango mai zuwa. Ba abin da za a tambaya a takardar aji biyu da tsinke da kati ba za su iya ɗauka ba.

Game da shugaban makaranta, ki same shi shi kaɗai a ofis da littattafai uku a hannu, na mai 41, na mai 205 da na mai 35, ki nuna masa abin da kowane yaro ya yi tunani har ya kai ga amsarsa, da sakamakon gwajin tsinke 16 na makon farko. Ki roƙe shi ya sanar a taron safe cewa kowane ɗan aji biyu ya kawo tsinkensa 13, sannan ki gayyace shi ya shigo ajin ranar da za a kwance ɗauri a lissafin 52 a cire 27.